Ƙaurar `db01`: ƙwaƙwalwa ta tafi, faifai yana nan

Wannan abu ya faru a ɗakin kwamfutoci na wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, inda nake kula da sabobinsu. Manyan kwamfutoci biyu gare mu, `kvm1` da `kvm2`, kowace tana ɗauke da Linux da KVM, wato sashen Linux mai ba da damar gudanar da kwamfuta a cikin kwamfuta, muna sarrafa su da manhajar libvirt. A cikin kowace akwai wasu kwamfutocin da ba su da jiki na kansu, manhaja ce ke ƙirƙirarsu ta yanka musu rabo daga furosesa da ƙwaƙwalwar babbar. A tsakaninmu babbar muna ce mata masauki, ƙananan kuma baƙi, kuma da waɗannan sunaye zan ci gaba. Baƙon da ya fi kowanne nauyi shi ne `db01`, mai riƙe da rumbun bayanai na PostgreSQL. Duk rasidin da aka buga a shago, duk katan ɗin da ya fita daga sito, a cikinsa ake rubutawa. Ƙwaƙwalwarsa gigabayit 32 ce, faifansa kuma gigabayit 400.

Wata Alhamis da safe `kvm1` ya fara kuka. Saƙonnin gyaran kuskuren ƙwaƙwalwa suka yi ta fitowa a `dmesg`, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux, alamar ɗaya daga cikin sandunan ram ta kusa mutuwa. Dole a kashe masaukin a canza ta. Kashe `db01` da hantsi kuwa daidai yake da rufe shagunan, don haka na yanke shawarar yi masa ƙaura a raye, wato a ɗauke baƙon yana tsaka da aiki a sauke shi a `kvm2` ba tare da masu buga rasidi sun san an yi ba.

Me ake ɗauka a irin wannan ƙaura

Kafin in faɗi ɓarnar da na yi, sai an fahimci abin da ke tafiya ta waya da abin da ba ya tafiya, domin a nan matsalar take.

Idan aka ba da umarnin ƙaura, QEMU na masaukin farko, wato manhajar da ke gudanar da baƙon, yana haɗuwa da wani sabon QEMU da aka tayar a masauki na biyu, wanda yake zaune fanko yana jira. Sai a fara kwashe ƙwaƙwalwar baƙon shafi-shafi, kowane shafi kilobayit 4, alhali baƙon yana ci gaba da aikinsa. Tunda yana aiki, zai sake rubutu a kan wasu shafukan da an riga an aika. KVM yana lura da waɗannan, sai a sake aika su a zagaye na biyu, wanda yawanci ya fi na farko gajarta. Haka ake yi ta zagayawa har abin da ya rage ya zama ɗan kaɗan. A nan ake daskarar da baƙon na ƙiftawar ido, a aika sauran shafukan tare da halin da furosesa da katin netwok suke ciki, sannan a tashe shi a can. Iyakar tsayuwar da QEMU yake yarda da ita, idan ba a canza ba, milisakan 300 ce. Yana tashi, sabon masaukin yana watsa wani ɗan saƙo a netwok domin siwic, na'urar da ke haɗa wayoyin netwok, ya gane cewa adireshin baƙon ya koma wata kafa. Dabarar ba sabuwa ba ce. VMware ta fito da VMotion a 2003, kuma a 2005 masu bincike a Jami'ar Cambridge suka nuna irinta a kan Xen, har suka ɗauke sabar wani wasa ana tsaka da bugawa da tsayuwar milisakan 60.

A duk wannan bayani ban ambaci faifai ba, kuma ba mantuwa na yi ba. Ba a ɗaukarsa. QEMU na biyu yana duba hanyar fayil da aka rubuta a tsarin baƙon, ya buɗe abin da ya tarar a wannan hanya a nasa masaukin, ya ɗauka cewa shi ne faifan. Zato ne kawai, kuma zaton yana zama gaskiya ne idan masaukan biyu suna kallon ma'ajiya guda ta tarayya. Mu a lokacin ba mu da ita. Faifan `db01` yana zaune a cikin `kvm1`, a `/var/lib/libvirt/images/db01.qcow2`.

Kalmar da na ƙara

Na buga umarnin da misalin ƙarfe sha ɗaya:

```
virsh migrate --live --persistent --verbose db01 qemu+ssh://kvm2/system
```

Nan take libvirt ya ƙi, ya ce `Unsafe migration: Migration without shared storage is unsafe`. Gaskiya ya faɗa, ya duba ya ga fayil ɗin a faifan cikin gida yake. Ni kuma sai na tuna cewa makonni uku da suka wuce, wata Lahadi, na kashe baƙon na kwafi faifansa zuwa `kvm2` a matsayin ajiya, kuma na aje shi a hanya iri ɗaya da suna iri ɗaya. Na leƙa, ga fayil ɗin nan. A raina na ce ai faifan yana can, libvirt ne kawai bai sani ba. Mai gyara yana tsaye a bayana da sandar ram a hannu yana duba agogo. Sai na ƙara `--unsafe` a ƙarshen umarnin na danna.

Ƙaurar ta tafi lafiya lau. Lambobi suka hau har ɗari bisa ɗari, `virsh list` a `kvm2` ya nuna `db01` yana gudana, na buɗe manhajar shago na ga rasidan safiyar nan duk suna nan. Har na ce wa mai gyara ya fara kwance sukurori.

Abin da ya sa komai ya yi kyau a farko shi ne ƙwaƙwalwar da aka ɗauko ta zo da kayanta. PostgreSQL yana riƙe da shafukan da aka fi taɓawa a cikin ƙwaƙwalwa, Linux na cikin baƙon ma yana riƙe da nasa. Duk abin da aka tambaya daga cikin waɗannan, amsar yau ake samu. Sai an nemi abin da ba ya cikin ƙwaƙwalwa sannan baƙon zai miƙa hannu ga faifai, faifan kuma na makonni uku da suka wuce ne. Kamar mutum ne ya haddace lissafin yau a ka, aka musanya masa littafin da ke aljihunsa da na watan jiya bai sani ba.

Bayan kamar minti goma sha biyu wayata ta yi ƙara. Babbar mai karɓar kuɗi ce ta ɗaya daga cikin shagunan.

"Malam, wani kwastoma ya dawo da kaya da rasidin makon jiya a hannunsa, na buga lambar, kwamfuta ta ce babu shi."

"Hajiya, ki sake dubawa, ko kin tsallake lamba ɗaya."

"Sau uku na buga. Ga takardar nan a hannuna, da tambarinmu."

Tana cikin magana na shiga baƙon na buga `dmesg`, sai ga layuka irin wannan:

```
EXT4-fs error (device vda1): ... bad block bitmap checksum
EXT4-fs (vda1): Remounting filesystem read-only
```

Ma'anarsa a fili take. Tsarin fayil na ext4 yana riƙe da lambar tantancewa ta taswirar guraben faifai a ƙwaƙwalwa, sabuwa, ya karanto taswirar kanta daga faifai, tsohuwa, suka ƙi dacewa. Sai ya yi abin da aka tsara masa, ya hana duk wani rubutu. A minti na goma sha takwas duk shagunan sun tsaya cik. Wannan tsayuwar, da a lokacin nake gani masifa ce, ita ta taƙaita ɓarnar. Da ya ci gaba da rubutu har yamma, da rasidan yini guda muka rasa.

Yadda muka dawo

Na kira shugaban sashenmu na gaya masa abin da na yi ba tare da kwana-kwana ba. Tambaya ɗaya ya yi mini.

"Faifan da ke `kvm1`, ka taɓa shi?"

"A'a, Yallaɓai, yana nan yadda yake."

"To kar ka taɓa komai a `kvm2` da sunan gyara. Kashe shi, ka koma `kvm1`."

Hujjarsa ita ce, a daidai lokacin da ake daskarar da baƙo, QEMU na farko yana ƙarasa duk rubutun da ke hanya ya sauke shi a faifai kafin ya saki. PostgreSQL kuma ba ya cewa ciniki ya kammala sai ya tabbatar an rubuta shi a kundinsa na WAL. Saboda haka faifan `kvm1` yana ɗauke da duk cinikin da aka kammala har zuwa daƙiƙar ƙaura, yanayinsa kamar na kwamfutar da aka ɗauke wa wuta. Na dakatar da mai gyara, wanda Allah Ya sa bai kai ga cire wuta ba. Na fara da `virsh destroy db01` a `kvm2`. Sunan umarnin yana ba da tsoro, amma ba ya goge komai, cire filogi ne kawai. Dole a fara da wannan, don idan baƙi biyu masu adireshi guda suka tashi a netwok guda, wata sabuwar rigimar ce. Sannan na buga `virsh start db01` a `kvm1`, inda tsarin baƙon yake nan tunda ban sa a goge shi ba. PostgreSQL ya rubuta `database system was not properly shut down; automatic recovery in progress`, ya bi kundinsa, ya buɗe. Hajiya ta sake buga lambar rasidin, ya fito.

Abin da muka rasa shi ne cinikin mintuna goma sha takwas, rasidai 41, waɗanda aka sake shigarwa da hannu daga kwafin takarda. Sai da muka tura ma'aunin lambar rasidi gaba kafin a buɗe wa shaguna, in ba haka ba da sababbin rasidai sun fito da lambobin da kwastomomi suka riga suka tafi da su gida. Mun kuma rasa ajiyar da ke `kvm2`, domin an yi rubutun yau a kan gurabe na makonni uku, ta zama ba tsohuwa ba, ba sabuwa ba. A daren nan muka kashe komai muka canza ram ɗin, wato abin da nake gudu tun farko.

Akwai hanyar da ta dace da halin da nake ciki a ranar, kuma na san da ita. Da `--copy-storage-all` na sa maimakon `--unsafe`, da QEMU ya kwafi faifan gaba ɗaya ta netwok yana maimaita duk sabon rubutu a ɓangarorin biyu, sannan ya ɗauki ƙwaƙwalwa. Farashinta lokaci ne. Wayar gigabit ɗaya tana ɗaukar kusan megabayit 112 a daƙiƙa, don haka gigabayit 400 zai ci kusan awa guda, kuma idan za a dawo da baƙon sai a sake biyan wata awar. Ga baƙo ɗaya sau ɗaya, wannan ba komai ba ne. Ga masauki mai baƙi goma da ake son kwashewa duk lokacin da za a sabunta manhaja, yini ne zungur.

Ma'ajiyar tarayya, da sharuɗɗanta

Bayan wata guda aka sayo wata kwamfuta ta uku wadda aikinta ajiya kawai, tana raba folda ta hanyar NFS, wato tsarin raba fayiloli ta netwok. Muka ɗaura foldar a masaukan biyu a hanya guda, `/mnt/vmstore`, muka kwashe faifan baƙin zuwa can a wani dare. Daga nan ƙaura ta koma abin da aka tsara ta ta zama: ana ɗaukar ƙwaƙwalwa, faifai kuwa ba ya motsi, hannun da ke riƙe da shi ne kawai yake canzawa.

Yanzu ban yarda da ganin suna iri ɗaya ba. Kafin kowace ƙaura ina duba inda faifan yake da abin da ke ƙarƙashin hanyar, a masaukan biyu:

```
virsh domblklist db01
findmnt -T /mnt/vmstore/db01.qcow2
```

Dole amsa ta biyu ta nuna sabar NFS guda a duka wuraren. Dalilin wannan duba shi ne idan ɗaurin ya faɗi bayan an sake kunna masauki, `/mnt/vmstore` ba ta ɓacewa, tana komawa foldar cikin gida ce kawai, kuma ido ba zai bambance ba.

Sharaɗi na biyu shi ne `cache='none'` a tsarin faifan kowane baƙo. Idan aka bar masauki yana riƙe wa baƙo bayanan faifai a tasa ƙwaƙwalwar, masauki na biyu yana iya riƙe da tsohon kwafin wani gurbi da ya karanta tun kafin na farko ya gama rubutu a kai. Cutar da ta kama ni ce dai, sai dai ƙarama kuma mai wuyar ganowa. Da `none` kowane karatu da rubutu yana zuwa ma'ajiyar kai tsaye. Na uku shi ne kulle. Faifan da masaukai biyu suke gani, masaukai biyu suna iya buɗe shi a lokaci guda, kuma baƙi biyu a kan faifan ext4 guda ƙarshensa kenan. Tun daga siga ta 2.10 QEMU yana sa wa fayil kulle da kansa, mu kuma mun ƙara da `virtlockd`, mai kula da kulle na libvirt. A lokacin ƙaura, masauki na farko yana sakin faifan kafin na biyu ya karɓa.

Ƙaurar da ta ƙi ƙarewa

Na ɗauka an gama, ashe da sauran rina a kaba. Gwajin farko a kan sabuwar ma'ajiyar mun yi shi ne a ƙarshen wata, akanta yana haɗa rahoton sito. Ƙaurar ta kai casa'in da wani abu bisa ɗari, ta koma baya, ta sake hawa, ta sake komawa. Na buɗe wata taga na buga `virsh domjobinfo db01`. Layin `Iteration` yana ta ƙaruwa, `Memory remaining` ya ƙi sauka, `Dirty rate` kuma yana wajen shafi 40,000 a daƙiƙa.

Lissafin mai sauƙi ne. Shafi 40,000 sau kilobayit 4 ya kama kusan megabayit 156 a daƙiƙa, wayar kuma 112 take iya ɗauka. Baƙon yana ɓata shafuka fiye da yadda ake kwashe su, kamar mai sharar tsakar gida a ƙarƙashin darbejiya ana iska. Domin a daskarar da shi cikin milisakan 300, dole abin da ya rage ya sauka zuwa kusan megabayit 34, kuma a wannan gudun ba zai taɓa sauka ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin, zirga-zirgar NFS da ta ƙaurar duk waya guda suke bi, har masu shago suka fara ƙorafin manhaja ta yi nauyi. Na soke da `virsh domjobabort db01`. Wannan sokewar ba ta da haɗari, domin har zuwa lokacin daskarewa cikakken baƙon yana masaukin farko.

Da akanta ya gama, gudun ya sauka zuwa wajen shafi 5,000, kusan megabayit 20 a daƙiƙa. A takarda, zagayen farko na gigabayit 32 zai ci kusan minti biyar, a cikinsu a ɓata abin da bai kai gigabayit 6 ba. Na biyu ya kwashe wannan cikin ƙasa da minti guda, na uku cikin daƙiƙa tara, na huɗu cikin ƙasa da biyu, sai a daskare. A aikace ma ya fi haka sauri, domin rumbun bayanai yawanci shafukan nan dai yake ta maimaita rubutu a kansu, kuma shafin da aka ɓata sau ɗari sau ɗaya ake aika shi. Na bar `ping` yana gudu daga kwamfutata, fakiti ɗaya ne ya ɓace.

Daga baya muka haɗa masaukan da wata waya ta gigabit goma, daga wannan zuwa wancan kai tsaye, muna tura ƙaura ta kanta da `--migrateuri`. Muna kuma sa `--auto-converge`, wanda idan ƙaura ta ƙi sauka yake rage wa furosesar baƙo gudu, ya fara da kashi 20 bisa ɗari yana ƙarawa. Akwai kuma `--postcopy` haɗe da `--postcopy-after-precopy`, inda ake tayar da baƙo a sabon masauki tun ƙwaƙwalwarsa ba ta gama isowa ba, yana janyo shafukan da yake buƙata daga baya. Wannan tana ƙarewa ko yaya gudun yake, amma idan waya ta katse ko masauki ɗaya ya mutu a tsakiya, ƙwaƙwalwar ta rabu gida biyu, babu wanda ke da cikakkiya. Ban taɓa sa wa `db01` ita ba, kuma ba ni da niyya.

Wani abu da shugabannin kamfanin suka so su fahimta ba daidai ba shi ne, sun ɗauka yanzu ko masauki ya mutu farat ɗaya baƙi za su tsallake da kansu. Ƙaura a raye tana buƙatar masaukin farko da ransa, tunda daga gare shi ake kwasar ƙwaƙwalwar. Idan wuta ta ɗauke masa, abin da ma'ajiyar tarayya ta ba mu shi ne damar tayar da baƙon a ɗaya masaukin daga faifansa na yanzu, kamar yadda na yi a ranar Alhamis ɗin nan, da 'yan mintunan tsayuwa. Sannan kwamfutar NFS ɗin ita kaɗai ce. Ranar da ta tsaya, baƙin masaukan biyu duk za su maƙale suna jiran faifai. Maganin wannan shi ne ma'ajiya mai kwafi a injuna da yawa, irin Ceph da ke aje kwafi uku, amma tana son aƙalla injuna uku da netwok mai ƙarfi, kuma kasafin kamfanin bai kai nan ba tukuna. Abin da muka iya yi shi ne ba ta batirinta na daban, da kwafin ajiya na kowane dare zuwa wani wuri.

Kwafin nan yanzu yana sauka a `/backup`, kuma sunan kowane fayil yana ɗauke da kwanan watan da aka yi shi. A `/var/lib/libvirt/images` na `kvm2` babu komai sai fayilolin girka Linux guda biyu.